Ku duba mana takardar neman taimakon nan kafin mu sake ta

Hauwa Sakatariya:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyarmu ƙaramar ƙungiyar unguwa ce a nan Kano, muna saya wa yara masu sikila maganinsu na wata-wata, waɗanda iyayensu ba su da hali. Hunturu ya kusa, kun kuma san yadda sanyi yake tayar musu da ciwon. Bara mun fitar da sanarwa, an yi ta tura ta daga wannan zaure zuwa wancan, an yi ta "Allah ya kawo ɗauki", amma abin da ya shigo asusu bai kai kuɗin wata guda ba. Ga wadda aka rubuta bana, shugaba ya ce in kawo ta nan a duba:

"Jama'ar Annabi ku taimaka! Dubban yara marasa galihu na mutuwa kullum saboda mugun ciwon sikila. Iyayensu ba ci ba sha, sai hawaye. Ku dubi Allah ku ceci rayukan waɗannan bayin Allah. Ko naira ɗaya ce za ta raba yaro da wannan azaba har abada. Duk abin da aka bayar ko kobo ba ma taɓawa."

Ni dai raina bai kwanta da ita ba, amma na kasa gane inda matsalar take.

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Malama Hauwa, ni ban ga laifin rubutun ba. Abin da ya rage shi ne hoto. Mutanenmu sai sun gani da ido. Ki samo hoton yaro a gadon asibiti ana ƙara masa ruwa, ki ɗora a sama, ki ga ikon Allah. Mun yi wa wani maƙocinmu haka da ya karye, kwana biyu aka haɗa kuɗin aiki.

Sista Ladi:
Alhaji, kafin a zo kan hoto, akwai magana biyu a ciki da ba za su tsaya ba, ni ma'aikaciyar jinya ce shi ya sa suka tsone min ido.

Ta farko, "dubban yara kullum". Adadin da aka fi ambata shi ne ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya a shekara. Ki raba shi gida 365, za ki samu ɗari huɗu da 'yan kai a rana. Waɗanda aka haifa kenan. To ta yaya dubbai za su mutu kullum? Duk likita ko nas da ya karanta zai ajiye wayarsa daga nan, kuma su ne masu albashin da kuke nema.

Ta biyu ta fi damuna: "har abada". Malama Hauwa, wane magani kuke saya?

Hauwa Sakatariya:
Folik asid da faludirin, sai maganin zafi mai sauƙi. Muna kuma ba su kuɗin mota na zuwa asibiti ranar ganin likita.

Sista Ladi:
Yauwa. Folik asid yana taimaka wa jiki wajen yin sabon jini. Faludirin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne, saboda zazzaɓin yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Suna da amfani ƙwarai, amma ba sa warkar da sikila. Yaro zai sha su kullum kuma wata rana ciwon ya tashi. Abin da ake cewa yana warkarwa dashen ɓargo ne, wannan kuwa maganar miliyoyi ce. In kun ce "har abada", wanda ya ba da kuɗi a Nuwamba ya ji an kwantar da yaron a Janairu, me zai ɗauka? Ko an yi masa ƙarya, ko an cinye kuɗin.

Nura Dizaina:
Sista gaskiya ne, amma ai talla ce. Kowa ya san ana ɗan ƙara gishiri. In ka rubuta "maganin yana ɗan rage tashin ciwo" wa zai taɓa aljihunsa? Mutum yana zazzaga waya, daƙiƙa biyu gare ka ka tsayar da shi.

Anti Bilki:
Nura, bari in shigo. Na yi shekaru ina rubuta irin waɗannan takardu a wurin aikina, kuma abin da na lura shi ne gishirin ba ya tsayar da kowa yanzu, saboda kowa yana zuba shi. Buɗe wayarka ka ƙirga saƙonnin da suka fara da "Jama'ar Annabi ku taimaka" a makon nan. Ido ya saba, yana wucewa.

Hauwa, matsalar takardarki ba rashin zafi ba ce. Ki cire kalmar sikila ki sa marayu, ko 'yan gudun hijira, ko masu yoyon fitsari, babu jimla ɗaya da za ta canza. Babu abin da ke cikinta da yake naku. Amsa min waɗannan kamar ina zaune a gabanki: yara nawa ne? Nawa ake kashe wa kowanne a wata? Wata nawa kuke so ku rufe? Nawa ke hannunku yanzu?

Hauwa Sakatariya:
Yara 23 ne, Anti. Magani kusan naira 3,500 kowane yaro a wata, kuɗin mota 2,500 shi da mai raka shi. Muna so mu rufe Nuwamba zuwa Fabrairu. Kuɗin da membobi suka tara 180,000 ne.

Anti Bilki:
To ga takardarki nan kin rubuta ba ki sani ba. Dubu shida kenan a wata ga yaro ɗaya. Wata huɗu, 24,000. Sau 23, ya kama 552,000. Cire 180,000 da kuke da shi, saura 372,000. Ki raba wannan da dubu shida, mutum 62 ne cif.

Kin ga bambancin? "Dubban yara" ya fi ƙarfin mai karatu. Yana gani zai ce wannan aikin gwamnati ne, ya yi addu'a ya tura gaba, abin da ya faru da ku bara kenan. Amma "muna neman mutum 62, kowa dubu shida" abu ne da malamin makaranta zai iya cewa bari in zama ɗaya daga ciki. Kuma ambaton 180,000 ɗin nan kada ki bar shi, yana gaya wa mutum cewa kun fara zuba naku kafin ku miƙa hannu.

"Ko naira ɗaya" ma ki cire. Naira ɗaya ba ta sayen ƙwaya ɗaya, kuma kina koya wa mutum ya ba da mafi ƙanƙanta. Ki faɗi dubu shida, sannan ki ce wanda bai kai nan ba, 3,500 ta sayi maganin wata.

Issoufou na Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Allah ya ba yaran lafiya. Ku turo lamba, zan aiko da abin da ya samu. Sannan akwai wani mai maganin gargajiya nan wajenmu, ana cewa yana da na amosanin jini.

Hauwa Sakatariya:
Mun gode Malam Issoufou, Allah ya saka. Ba a buɗe karɓa ba tukuna, rubutun muke gyarawa. Zan neme ka in an gama. Maganar magani kuma muna bin abin da likitocinsu suka rubuta ne kawai.

Alhaji Garba:
Hajiya Bilki, lissafinki ya yi kyau, amma lissafi ba ya sa zuciya ta motsa. Wannan ai takardar akanta ce. Ina tausayin?

Anti Bilki:
Nan kam kana da gaskiya Alhaji, lissafi shi kaɗai ba ya isa. Akwai wani bincike da aka wallafa a 2007, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka yi a Amurka. An ba wasu mutane alƙaluman miliyoyin da ke fama da yunwa a Afirka, wasu kuma aka ba su labarin yarinya ɗaya 'yar shekara bakwai a Mali. Waɗanda suka karanta labarin yarinyar sun fi bayarwa sosai. Abin mamakin, da aka haɗa labarin da manyan alƙaluman, sai bayarwar ta ragu. Ba wahayi ba ne, ɗalibai aka gwada da 'yan daloli, amma ya yi daidai da abin da muke gani. Saboda haka mutum ɗaya ya kamata a fara da shi, sai lissafin ƙungiya ya biyo baya, shi kuma adadin ƙasa baki ɗaya a bar wa masu jawabi ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya.

Inda muka rabu da kai shi ne yadda za a nuna mutum ɗayan. Hauwa, a cikin yaran nan ba ni labarin ɗaya. Kada ki ba ni ranar da ya fi shan wuya. Ba ni abin da kika gani da idonki wanda ya tsaya miki a rai.

Hauwa Sakatariya:
Akwai wani ɗan shekara tara, aji huɗu yake. Shi yake ajiye maganinsa a gwangwanin madara, kullum da safe ya ɗauka ya sha ba sai an tuna masa ba. In ya rage ƙwaya biyar zai ce wa mamarsa ta kira ni. Da iska ta fara kaɗawa zai saka safa biyu da kansa, ya ce ƙafarsa ta gaya masa sanyi ya zo. Mamarsa awara take soyawa a ƙofar gida. Hunturun bara da maganin ya yanke mana, ya yi mako uku bai je makaranta ba, jarrabawa ta wuce shi.

Anti Bilki:
Alhaji, ka ji? Ko hawaye ɗaya babu a ciki, amma gaya min gwangwanin madarar nan bai taɓa ka ba. Ga yadda zan fara:

"Akwai yaro ɗan shekara tara a unguwarmu da yake ajiye maganinsa na sikila a gwangwanin madara. Shi yake ƙirga abinsa, in ya rage biyar ya sa a kira mu. Hunturun bara maganin ya yanke, ciwon ya tashi, ya yi mako uku ba makaranta. Su 23 ne muke saya wa magani. Maganin ba ya warkar da sikila, yana taimakawa ne ciwon ya rage tashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ana buƙatar naira 552,000. Membobinmu sun tara 180,000, saura 372,000. Dubu shida ta riƙe yaro ɗaya wata guda, magani da kuɗin motar asibiti. Mutum 62 muke nema kafin ƙarshen Oktoba."

Sista Ladi:
Ta yi kyau nesa ba kusa ba. Gyara ɗaya: "maganin ya yanke, ciwon ya tashi" yana nuna kamar yankewar ce ta tayar da shi tabbas. Wataƙila ita ce, wataƙila sanyi ne ko rashin shan ruwa. Babu mai iya rantsuwa. A ce "a cikin makonnin da maganin ya yanke ne ciwon ya tashi". Gaskiya ce, kuma mai karatu zai fahimta.

Nura Dizaina:
Na yarda ta fi. Amma me zai hana a ƙara mata ƙarfi? Malama Hauwa ta taɓa ba ni labarin wata yarinya da aka ƙara wa jini sau biyu, da wani da babansa ya rasu. A haɗa su a yaro ɗaya, a sa masa suna, ai duk abubuwan sun faru da gaske.

Anti Bilki:
Sun faru, amma ba da shi ba. Ranar da wata hajiya ta ce tana so ta ziyarci marayan nan da aka ƙara wa jini mai gwangwanin madara, wa za ka kai ta ta gani? Unguwa ce, Nura, kowa ya san kowa. Sauya suna don a rufa wa yaro asiri daidai ne, in dai an rubuta a ƙasa cewa an sauya. Ɗinka mutum daga mutum uku ƙirƙira ce. Ni da zan bar shi ba suna ma, "wani yaro ɗan shekara tara" ya wadatar.

Maman Khalifa:
Ku yi haƙuri, tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Ɗana yana da sikila, shekararsa 14 yanzu. Yana ƙarami wata ƙungiya ta zo ta ɗauki hotonsa a asibiti, ciwo ya tashi yana kuka, ni kuma ina gefe ɗankwalina ya zame. Sun ce na rahoto ne. Sai ganinsa na yi a wayar dangin mijina, an rubuta "iyayensa sun rasa yadda za su yi". Babansa tela ne, yana fita kullum, bai taɓa roƙon kowa ba. Wata guda bai zauna a majalisa ba. Kuɗin an biya mana, ban musa ba. Amma har yau hoton yana yawo, bara wani ɗan ajinsu ya nuna masa.

Alhaji, da girmanka, wanda ya karye zai warke a manta. Mai sikila da ciwonsa zai girma, da shi zai nemi aure, da shi zai nemi aiki.

Kuma Anti, ko taki da ta yi kyau, a unguwar za a gane yaron. Mai awara nawa ne ke da ɗa mai sikila ɗan aji huɗu? An tambayi uwarsa?

Anti Bilki:
Maman Khalifa, shi ya sa na bar awarar a waje, amma kina da gaskiya, shekaru da gwangwani ma sun isa a gane shi. Hauwa, kafin komai ki je gidan. Kada ki ce "za mu yi amfani da labarinsa" kawai. Ki karanta musu rubutun kalma bayan kalma, uwa da uba, da shi yaron, ɗan shekara tara ya san abin da zai ba shi kunya. Ki gaya musu inda zai shiga, kuma in ya shiga ba ya dawowa. Sannan ki faɗa musu ƙarara cewa in sun ce a'a maganinsa ba zai tsaya ba. In ba ki faɗi wannan ba, "to" ɗin da za su ce na tsoro ne.

Alhaji Garba:
Maman Khalifa, Allah ya ba ki haƙuri, ban san haka abin yake ba. Amma har yanzu ina ganin saƙo ba hoto ba zai yi nisa ba. Ko na bayansa ne a ɗauka.

Nura Dizaina:
A ɗauki gwangwanin da magungunan a tafin hannunsa, ba fuska. Zan iya tsara shi ya fito da kyau.

Maman Khalifa:
Wannan ni ba zan ƙi ba. Amma wata uwar za ta fi son a nuna ɗanta da kayan makaranta yana dariya, a san mutum ne ba ciwo kaɗai ba. A bar su su zaɓa.

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Abin da Maman Khalifa ta faɗa yana da asali. A Baƙara aya ta 264 an hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, a ta 273 kuma an yabi mabuƙatan da wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu. To bai dace mu yaye musu wannan rufin don mu tara musu kuɗi ba.

Sai dai ina da tambaya. An cire ambaton Allah gaba ɗaya daga sabuwar? Sannan mutane za su tambaya ko za su iya ba da zakka. Zakka tana da masu cin ta guda takwas da aka lissafa a Tauba aya ta 60, ba a cakuɗa ta da sauran kuɗi a sayi duk abin da aka ga dama.

Anti Bilki:
Ba a cire ba Malam, sallama a sama, addu'a a ƙasa. Abin da na guje wa shi ne "ku dubi Allah ku ceci", saboda yana ɗora wa mai karatu laifin da bai yi ba, kamar in bai bayar ba shi ya kashe yaron. Mutum zai iya bayarwa sau ɗaya don ya sauke nauyin, amma badi in ya ga sunanku zai wuce da sauri. Ku kuma kowane hunturu za ku dawo.

Zakka kuwa na bar muku, ku ne masana.

Malam Sani:
Ni ina ganin su rubuta "sadaka" kawai a bana. In suna son karɓar zakka su zauna da malamin unguwarsu ya tsara musu yadda za ta isa hannun iyayen. Akwai saɓani kan ko ƙungiya za ta saya da kanta a madadinsu, ba abin yankewa a nan ba ne.

Hauwa Sakatariya:
Na rubuta. Saura "ko kobo ba ma taɓawa", shugaba yana son jimlar nan sosai.

Anti Bilki:
Wa yake biyan cajin banki? Wa yake sa miki kati kina kiran iyaye 23? Wanda ke zuwa sayo maganin, a ƙafa yake tafiya?

Hauwa Sakatariya:
Daga kuɗin wata na membobi ake cirewa.

Anti Bilki:
To ki faɗi hakan: "Kuɗin kati da zirga-zirgarmu membobi ke biya, gudummawarku magani da motar yaran kawai za ta tafi." Amma ki tabbata ba daga cikin 180,000 ɗin da kika ce na magani ne ake cirewa ba, in ba haka ba lissafin ya karye.

Sannan layi uku da kusan kowa ke mantawa. In kuɗin bai kai ba me za ku yi? In ya wuce fa? Yaushe za a ji bayani? Ki rubuta su a fili, misali in bai kai ba magani za a fara saya wa duka 23 kafin kuɗin mota, in ya wuce ya tafi watan Maris, kuma ranar 15 ga kowane wata za a fitar da rasit. Farashin magani yana motsi, saboda haka ki sa "a farashin yau". Asusun kuma ya zama da sunan ƙungiya. In kun yi rajista da CAC ku sa lambar. Sunan mutum ɗaya a ƙasan saƙon neman taimako yana korar waɗanda ba su san ku ba.

Nura Dizaina:
Anti, duk wannan zai sa ta yi tsawo fa. Babu mai danna "ƙara karantawa".

Anti Bilki:
Labarin da dubu shidan su zo a layi biyar na farko, sauran na mai niyya ne, shi zai karanta. Kuma kada ku auna ta da yawan turawa. Ku dubi shigowar kuɗi. In kun ga dubu shida, dubu sha biyu, 3,500 suna shigowa daidai, an karanta an gane. In kun ga addu'a ta yi yawa asusu shiru, an koma gidan jiya.

Alhaji Garba:
To ni ga shawara. A fitar da biyu, taku a zauren ma'aikata, mai zafin a zauren 'yan kasuwa, mu ga wadda za ta kawo.

Sista Ladi:
Mai zafin ai ita ce mai "dubbai" da "har abada", Alhaji. Ko ta fi kawo kuɗi ba zan sa hannu a fitar da ita ba.

Alhaji Garba:
A cire waɗannan biyun, a bar sauran. 'Yan kasuwa na sani, ba sa karanta lissafin wani.

Hauwa Sakatariya:
Wannan sai kwamiti ya zauna ranar Asabar, zan kai musu duka biyun. Gobe bayan la'asar zan je gidan yaron in karanta musu. In sun ƙi, akwai wata 'yar shekara 16 da ta taɓa cewa tana so ta yi magana da bakinta, zan tuntuɓi iyayenta. Nura, kada ka fara tsara komai sai na dawo. Malam Issoufou, asusunmu na naira ne, bari in tambayi ma'aji yadda za a karɓi sefa.